Sha Biyu Ta Koma Ashirin Da Ɗaya

Shagon Ilisha yana bakin titin da ya ratsa garin Makarfi, tsakanin mai sayar da maganin feshi da shagon ɗinkin matarsa Lucia. Bango ɗaya ne ya raba shagonsa da nata, kuma sun huda ƙofa a jikinsa tun shekarar da suka yi aure. Shi yake tsara wa mutanen yankin fosta da katin biki da kalandar coci, har daga Kudan da Ikara ana kawo masa aiki.

A ƙarshen Oktoba ya yi haɗari a kan babur yana dawowa daga Hunkuyi. Wata mota ɗauke da rake ta goge shi ya faɗa gefen titi, hannunsa na dama ya karye a wuyan hannu, jakar da ke bayansa kuma ta shiga ƙarƙashin taya. Laftof ɗinsa da wayarsa suna cikin jakar. Mai gyara a Zariya ya juya laftof ɗin, ya ciro abin da ke riƙe da fayiloli ya nuna masa yadda ya lanƙwashe, ya ce babu abin da za a iya cirowa. Tun daga lokacin Ilisha yakan zo shago ne kawai ya zauna a kan benci, hannu a naɗe rataye a wuya, yana kallon motoci. Idan an kawo aiki sai ya ce a kai wani wuri. Likita ya ce hannun zai warke, amma bai yi alkawarin yatsun za su koma yadda suke ba, kuma wannan maganar ita ta zauna masa a rai.

Wata safiya a farkon Nuwamba Malam Sama'ila ya tsayar da baburinsa a ƙofar shagon. Dattijo ne, shugaban ƙungiyar manoman Gubuci, kuma ya san mahaifin Ilisha tun suna noma gona kusa da gona. Ilisha ya miƙe ya rusuna, suka gaisa, aka tambayi jiki da iyali da girbi, Lucia ta leƙo ta ƙofar tsakiya ta durƙusa ta gaishe shi ta kawo ruwa. Sai da ya sha sannan ya ciro waya daga aljihun gaba.

"Ilisha, na san halin da kake ciki, da da wata hanya da ban zo ba. Dubi wannan."

Fostar da Ilisha ya tsara wa ƙungiyar ce kafin haɗarin. Likitocin ido za su zo daga Zariya su duba mutane kyauta a makarantar firamaren Gubuci, waɗanda ke da yanar ido kuma a rubuta sunayensu don a yi musu aiki. Fostar ta yi kyau. Hoton wata tsohuwa ce sanye da tabarau tana murmushi, a bayanta sararin sama shuɗi da reshen darbejiya, a kan shuɗin kuma an rubuta ranar da manyan haruffa farare: ALHAMIS, 12 GA NUWAMBA.

"Ashirin da ɗaya ce," in ji Malam Sama'ila. "Alhamis ɗin daidai ne, lambar ce ta juya. Mu duka mun duba mun ce ta yi, ba wanda ya lura. Jiya da na tura wa likitan shi ya kira ni. Sha biyu ga wata Talata ce ma."

"An buga ta?"

"Ba a buga ba tukuna. Amma ta riga ta shiga waya, ta kai Paki, ta kai Likoro. Ka san mutanenmu, lambar za su riƙe. Mutum zai bar masararsa a gona ya goyo tsohonsa makaho a kan babur ya zo ya tarar da makaranta da yara kawai. Wanda ya yi haka sau ɗaya ba zai sake dawowa ba."

Ilisha ya daɗe yana kallon wayar. Ya ce, "Baba, da ainihin fayil ɗin yana nan, aikin ƙiftawar ido ne. A cikinsa komai a ware yake, hoto daban, rubutu daban, inuwar rubutu daban, hawa-hawa. Sai in taɓa lambar in sauya. To ya tafi da laftof. Wannan da ke wayarka an riga an danne su duka sun zama hoto ɗaya. Lambar da saman da ke bayanta abu guda ne yanzu. Idan na ɗauke ta, rami zai rage."

"A sake wata sabuwa mana."

"Hoton tsohuwar ma yana cikin laftof. Kuma da wane hannu?"

Duk da haka ya shiga ya kunna tsohuwar kwamfutar tebur da ke kusurwa, wadda ake amfani da ita wajen buga takardu. Akwai manhajar gyaran hoto a cikinta. Aka jona wayar dattijon da igiya aka kwafo hoton. Da ya ƙara masa girma sai gefen haruffan suka farfashe, suka zama ƙananan murabba'ai kamar tabarma. Ya ce wannan an tura ta an sake turawa a WhatsApp har ta tsotse, ko an gyara ba za ta bugu a babbar takarda ba. Ya kama maus da hannun hagu ya gwada zagaye lamba ɗaya. Layin ya karkace ya yanko rabin harafin da ke kusa. Ya sake, ya sake karkacewa. Ya ture maus ɗin ya tashi.

"Ka kai Zariya, Baba. Akwai yara a can da za su iya."

Malam Sama'ila bai motsa ba. Ya ce Zariya yini guda ce, kuma gobe yake son a liƙa fostar a masallatai da coci-coci kafin Juma'a da Lahadi su wuce.

Lucia tana tsaye a ƙofar tsakiya da almakashi a hannu. Ta ce, "Baban Jessica, in kai za ka faɗa, ni sai in riƙe."

"Ba ki taɓa buɗe wannan abin ba."

"Ban taɓa ba. Amma hannuna ba ya rawa."

Ya dube ta kamar zai ce a'a, sai kuma ya juya wajen dattijon. "Kafin komai sai an samo hoto mai nauyi. Na tuna Malama Hajo ta ce in tura mata wanda za a kai wajen bugawa. Ita na tura wa a matsayin dokumen, irin wannan WhatsApp ba ya rage shi. In ba ta goge ba, yana nan."

Hajo ita ce sakatariyar ƙungiyar, malamar makaranta ce a Gubuci. Malam Sama'ila ya kira ta. Ta ce bari ta duba, ta kashe, can ta sake kira ta ce ga shi nan ta gani, amma sabis ya ƙi ɗaukar sa. Aka ce ta bari kar ta wahala. Ta ce ai an kusa tashi daga makaranta, za ta hau babur ta kawo wayar da kanta.

Kafin ta iso Ilisha ya zaunar da Lucia a kujerarsa ya ja benci kusa. Ya sa ta yi gwaji a kan tsotsattsen hoton: yadda ake ƙara girma, yadda ake jan hoto gefe, yadda ake adana aiki, da maɓallai biyun da ake dannawa a koma baya idan an yi kuskure. Ta ce wannan ya fi ɗinki sauƙi, don yadi in ka yanka ya yanku. Bai yi dariya ba, amma ya gyara zama.

Bayan azahar Hajo ta iso, mayafinta duk ƙaiƙayin masara daga hanya. Da aka buɗe nata hoton, bambancin a fili yake. Har zaren ɗankwalin tsohuwar ana gani, gefen lambobin kuma sumul.

"Yauwa," in ji Ilisha. "Maman Jessica, fara da yin kwafinsa a sama. A kan kwafin za mu yi aiki, na ƙasa kar ki taɓa shi."

Hajo ta tambaya me zai hana a shafe lambar a rubuta sabuwa. Ya ce salon harafin da ya yi amfani da shi saukowa ya yi daga intanet, yana cikin laftof, sunansa ma ya ɓace masa. Idan aka rubuta da wani, lambar za ta fita daban a tsakiyar layin. "Amma mun yi sa'a. Ɗaya da biyu muke nema, kuma ga ɗaya ga biyu. Wuri kawai za su sauya."

Lucia ta fara da ɗaya, don ita ce miƙaƙƙiya. Ta riƙa ɗora ɗigo a kowace kusurwa, layi yana bin ta, har ta zagayo inda ta fara. Ilisha ya ce ta ɗan shiga ciki kaɗan, kar ta kwaso shuɗin da ke gefe. Ta kwafe ta zuwa hawa na daban. Biyu ta ba ta wahala saboda lanƙwasar wuyanta. Ta yi ta koma baya, ta yi ta koma baya. Ilisha ya miƙa hannun hagu kamar zai karɓa, ta ce, "Bar ni," ba tare da ta dube shi ba. Ta ƙara wa hoton girma har biyun ta cika allon, ta bi lanƙwasar da ɗigo kusa da kusa. Da ta gama ya sa ta ɓoye komai sai lambobin biyu kaɗai a kan allo, ya duba gefensu, ya ce sun yi.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta, kwamfutar ta mutu. Lucia ta ce a hankali, "Na danna abin adanawar da ka nuna min, bayan na gama biyun." Malam Sama'ila da kansa ya tattare hannun riga ya ja igiyar janareta. Da kwamfutar ta dawo, lambobin suna nan.

Sai shafe tsofaffin. Ilisha ya nuna mata wani abu mai kama da hatimi, wanda ake ɗebo launi daga wuri mai kyau a manna a inda ake so a rufe. Ta ɗebo daga sama ta shafa a kan ɗaya, sai wani baƙi-baƙin tabo ya fito.

"Saman ba launi ɗaya ba ne," in ji shi. "Daga can sama ya fi duhu, yana saukowa yana haske. Ɗebo daga gefe, daidai tsayin inda za ki shafa. Ki riƙa sake ɗebowa, kar ki ja da nisa."

Ta koma baya ta sake. A hankali ɗaya ta nutse cikin shuɗi, da ita da inuwarta. Malam Sama'ila ya matso da fuska kusa da allon yana neman inda take, ya girgiza kai.

Wajen shafe lambar biyu ne aka tsaya. Ƙarshen reshen darbejiyar ya bi ta bayanta, ya shiga ta dama ya ɗan leƙo ta hagu. Muddin biyu tana wurin ba a ganin komai, amma ɗaya da za ta maye gurbinta siririya ce, ba za ta rufe ba. Abin da ke bayan biyu kuwa babu shi a hoton ko kaɗan. Ilisha ya ce sai an ɗebo ganye daga wani wuri an haɗa reshen. Suka gwada. Ganyen suka fito iri ɗaya sak, a jere, duk wanda ya duba zai san an taɓa. Suka sake da wasu ganyen, ya ƙara muni. Ilisha ya jingina da bango ya rufe ido. Hannun ya fara masa zugi, zufa ta tsattsafo masa a goshi.

"Da hannuna ne da na zana shi," ya ce.

Lucia ta bi reshen da ido a kan allon. Can ta ce, "Dole ne reshen ya kai can? In muka datse shi tun kafin ya iso lambar fa? Ga wani ganye nan da ya yi kamar ƙarshe. Sauran duk mu mai da shi sama."

Ya buɗe ido ya duba. Ya daɗe yana dubawa. "Datse shi," ya ce.

Ta shafe guntun da ya leƙo ta hagu, ta shafe biyun, ta bi reshen baya har zuwa ganyen da ta nuna. Wurin ya zama fili shuɗi. Ilisha ya lura inda aka shafa ya fi sauran hoton santsi, ya sa ta zaɓi wurin ta ƙara masa ɗan kaushi kaɗan don ya yi daidai da kewayensa. Daga nan ta jawo layin awo ta ɗora a gindin haruffan, ta kawo biyu hagu, ɗaya dama, ta zaunar da su a kan layin. Da yake lambobin nan dai su ne, faɗinsu bai sauya ba, suka shiga tsakanin waƙafi da GA ba tare da matsi ba. Saura inuwa. Ya ce ta dubi ta sauran haruffan, ƙasa take faɗuwa ta ɓangaren dama. Ta buɗe akwatin inuwa tana matsar da ma'aunin, yana cewa ƙara, rage, ƙara kaɗan, har ta lambobin ta yi daidai da ta NUWAMBA.

Ta mayar da hoton girmansa na asali. ALHAMIS, 21 GA NUWAMBA. Hajo ta ce in ba a gabanta aka yi ba da ta rantse haka aka tsara ta tun farko.

Lucia ba ta saki maus ba. Ta ce ta ga wani abu a ƙasa lokacin da take jan hoton. A cikin koren layin da ke gindin fostar, bayan sunan makarantar, an sake rubuta ranar da ƙananan lambobi, 12/11/2024. Ilisha ya dafe goshi, ya ce shi kansa ya manta da ita. Waɗannan sun yi ƙanƙanta da yawa a yanka. Amma koren launi ɗaya ne bai da hawa da sauka, don haka ya sa ta ɗauki launin ta rufe layin gaba ɗaya, ta sake rubuta shi tun daga farko da salon harafi mafi kusa da ke cikin kwamfutar. Ya ce in layin duka ne aka sake, ba abin da ido zai kwatanta da shi.

Suka adana aikin iri biyu, ɗaya mai hawa-hawa, ɗaya hoton bugawa mai cikakken nauyi. Suka buga gwaji a takarda ɗaya. Malam Sama'ila ya fita da ita hasken rana ya nisanta ta da ido, ya karanta daga sama har ƙasa da ƙarfi, sannan ya miƙa wa Hajo ita ma ta karanta, ta buɗe kalandar wayarta ta tabbatar ashirin da ɗaya Alhamis ce.

"To sai a tura a waya," in ji dattijon.

Hajo ta ce, "Baba, akwai matsala. Ta yi kama da tsohuwar da yawa. Wanda ya riga ya ga waccan, in wannan ta shigo masa zai ce ai na gani, ba zai ma buɗe ba."

Ilisha ya yi dariya, karo na farko tun safe. Ya ce sun yini suna ɓoye gyara, ga shi yanzu ana so a gan shi. Ya sa Lucia ta yi kwafi na biyu domin waya kaɗai, ta shimfiɗa jan layi mai faɗi a saman fostar, ta rubuta a ciki da rawaya: AN GYARA RANA, 21 GA WATA CE. Wannan ita ta yi shi ba tare da ya nuna mata yadda ake yi ba, sai wajen daidaita shi a tsakiya. Hajo ta tura wa duk rukunonin da ta san tsohuwar ta shiga, ta bi da saƙon murya saboda waɗanda ba sa karatu. Malam Sama'ila ya tafi da hoton bugawar wajen masu babban inji a Ikara tun kafin la'asar ta yi sanyi.

Ranar sha biyu ga wata Malam Sama'ila ya je ya zauna a ƙofar makarantar don ko da wani zai zo. Mutane ƙalilan suka zo, yawanci daga rugage inda sabis ba ya kaiwa. Ya ba su haƙuri, ya ba kowa fosta a hannu, kuma da yawansu sun dawo ranar da likitocin suka zo.

Ranar ashirin da ɗaya Lucia ta rufe shagon ɗinki suka hau mota zuwa Gubuci, don Ilisha ya ce yana so ya gani. Tun daga nesa suka hango babura a jere a gindin mangwaro. Tsofaffi maza da mata sun cika barandar azuzuwa, wasu riƙe da sanda, wasu riƙe da hannun jikoki. Hajo tana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, likitocin suna cikin azuzuwa biyu da aka share. Wani mutum daga Likoro ya gane Ilisha, ya jajanta masa, sannan ya ce ƙanwarsa Wasila za ta buɗe shagon sayar da iri da taki, suna son fosta, amma ya ji an ce ya daina karɓar aiki.

Ilisha ya dubi Lucia. Ita kuwa tana kallon wata tsohuwa da ake gwada wa tabarau a bakin taga.

"Ku kawo ranar Litinin," in ji Ilisha. "Zai ɗan ɗauki lokaci, mu biyu ne muke yi. Ka rubuto min ranar buɗewar da lamba da kuma kalmomi."

A hanyar komawa Lucia ta ce tana da ɗinkin mawaƙan coci da ba ta gama ba, sai dai su riƙa zama a kwamfutar da safe kafin a ɗauke wuta. Ya ce hakan ya yi. Ya tambaye ta wane launi take ganin zai dace da shagon taki, ta ce ba kore ba, kowa kore yake sawa. Suna wannan gardamar motar ta shiga Makarfi.